Zuwa ga shugabannin tashoshin mota: goro da bokitin ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe, shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da 'yan kamasho, da dattawan tasha waɗanda idan suka ce mota ba za ta tashi ba, to ba za ta tashi ba.

Ni ma'aikacin jinya ne. Na yi shekaru a sashen taimakon gaggawa na wani asibiti da ke bakin babbar hanya, irin asibitin da ake fara kawo wa mutane idan an yi haɗari da tsakar dare. Mahaifina direban babbar mota ne har ya tsufa, da kuɗin lodi aka biya min makaranta, don haka ba baƙo ba ne ke yi muku magana. Abin da ya sa na rubuto kuwa magana ce da muka saba rufewa saboda kunya. Kowa ya san hukuncin giya a addininmu, malamai sun yi bayaninsa, kuma ba aikina ba ne in ƙara a kan nasu. Amma ni da ku mun san ana sha. Ana sha a bayan tasha, ana sha a wuraren da manyan motoci ke kwana a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja da sauran hanyoyi, a kwalba, a 'yar leda, a ƙwarya. Da Musulmi da Kirista duk akwai masu sha a cikin 'yan'uwanmu. Tun da ba a zancen a fili, dabarun da ake cewa suna sakin mai maye sun yi ta yawo daga baki zuwa baki babu wanda ya tsaya ya gwada su, kuma ni ne nake ganin ƙarshensu a kan gadon asibiti.

Bari in ba ku labarin wani yaron mota da aka kawo mana da asuba a cikin hunturu. Bai wuce shekara 22 ba. Abokansa ne suka ɗauko shi a kujerar baya, rigarsa sharkaf da ruwa, jikinsa sanyi ƙalau kamar randa, haƙoransa a datse. A gefen bakinsa akwai madara ta bushe, haɗe da wani jan maiƙo da na gane manja ne. Da na tambaya, suka ce ya yi tatul tun wajen ƙarfe 1 na dare, ya faɗi a gindin taya. Sai suka kwara masa bokiti biyu na ruwa. Bai tashi ba. Wani ya ce madara tana kashe giya, aka buɗe gwangwani aka ɗura masa. Wani ya ce manja ya fi, aka bi shi da manja. Daga nan suka kwantar da shi rigingine a kan benci suka ce iska za ta sake shi. Ya yi amai yana kwance a haka. Da muka saurari ƙirjinsa, huhun dama yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Giyar kanta ta bar jininsa kafin la'asar ɗin ranar. Madarar da aman da suka gangara huhunsa su ne suka riƙe shi a asibiti fiye da mako guda, da zazzaɓi da iskar taimakon numfashi a hanci. Ya rayu, alhamdu lillahi. Abokan nan ba mugaye ba ne, duk daren suna kansa suna ƙoƙari. Abin da suka ji a bakin manya suka yi.

To ga yadda abin yake a cikin jiki. Idan mutum ya sha giya, kaɗan ce ke shiga jini daga tumbi, mafi yawanta sai ta gangara ƙaramin hanji take shiga. Daga nan jini ya raba ta ko'ina akwai ruwa a jiki, har ƙwaƙwalwa. Mai fitar da ita kuwa hanta ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka sha, hanta ce ke narkar da shi: ta fara mayar da shi wani sinadari mai guba, wanda yana cikin abubuwan da ke jawo tashin zuciya da ciwon kai, sannan ta sake mayar da wannan wani abu marar illa da jiki ke ƙonewa ya zama ruwa da iska. Hanta kuma tana da ma'auninta. Ku ɗauke ta kamar injin niƙa guda ɗaya a unguwa: ko kwano 2 ne a layi ko kwano 20, gudun injin ɗaya ne, layin ne kawai ke ƙara tsawo. A jikin babban mutum, abin da take iya narkarwa a awa guda bai wuce giram 7 zuwa 10 na tsantsar barasa ba. Ihu a kan mai injin ba ya ƙara masa gudu. Duk dabarun da ake yi a tasha ihu ne a bakin inji.

Mu yi lissafi da misali, don ku ga abin da idonku. Babbar kwalbar giya da ake sayarwa a ƙasar nan mililita 600 ce, ƙarfinta kuma wajen kashi 5 cikin 100. Wato akwai mililita 30 na tsantsar barasa a ciki, wanda a nauyi ya kama giram 24. Mu ce direba mai nauyin kilo 70 ya ajiye mota ƙarfe 9 na dare, ya zauna ya sha kwalba 4 kafin 12. Ya zuba giram 96 ke nan. Mu ce hantarsa lafiyayya ce tana cin giram 8 a awa. Tana buƙatar awa 12 cur, wato sai ƙarfe 9 na safe za ta gama. Amma lodinsa na asuba ne. Ƙarfe 5 ya tashi, ya watsa ruwa, ya je wurin mai shayi ya ce a zuba masa kofi cokali biyu, ya ɓare goro ya jefa a baki, ya hau mota. A lokacin awa 8 kacal ta wuce, hanta ta cinye giram 64, saura giram 32 suna yawo a jininsa. Wannan ya fi abin da ke cikin kwalba guda. Da a ce kun ga direba ya tsaya a gabanku ya shanye kwalba guda da kashi ɗaya cikin uku na ta biyu, sannan ya miƙo hannu a ba shi makulli, na san abin da za ku yi masa. To mutumin nan na asuba haka yake, bambancin kawai shi ya yi wanka yana ƙamshin sabulu. Idan aka auna jininsa za a samu wajen 0.07 cikin 100, alhali ƙasashe da yawa sun sa iyakar tuƙi a 0.05, kuma tun ƙasa da haka ido da hannu suke fara yin nauyi.

'Yar ledar nan ta gin da ake rainawa, wadda ake ce wa ta ɗumama jiki ce kawai, idan mililita 30 ce mai ƙarfin kashi 40, tana ɗauke da kusan giram 10. Kowace leda ɗaya ta fi awa guda a wurin hanta. Mai shan 5 a tsaye ya sha kwatankwacin manyan kwalabe 2. Burukutu da ogogoro kuma ƙarfinsu ya bambanta daga tukunya zuwa tukunya, babu rubutu a jiki, don haka mai shansu ba shi da abin da zai yi lissafi da shi.

Yanzu kofi da goro, waɗanda a ganina sun fi kowace dabara haɗari ga direba, saboda suna yin wani abu da gaske, shi ya sa aka yarda da su. Dukansu biyu, da shayi mai kauri, da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari, suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe saƙon da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ta gaji. Sai barci ya ja baya, ido ya buɗe. Giya kuma ɓarnarta ba a barci kaɗai take ba. Tana rage saurin da ƙafa ke kai wa birki, tana ƙuntata abin da ido ke hangowa ta gefe, tana ɓata ƙiyasin nisa da gudun motar da ke tahowa idan za a sha gaban wata, kuma tana sa mutum ya ga kansa gwani. Kafeyin ba ya gyara waɗannan, kuma ba ya cire ko giram ɗaya daga jini. Abin da yake cirewa shi ne gyangyaɗin da da zai sa mutumin ya ce bari in kwanta. Wato an kashe ƙararrawa an bar gobara tana ci. Mai mayen da barci ya kwashe a kan benci ba ya kashe kowa a hanya. Wanda goro ya buɗe wa ido shi ne ke riƙe da sitiyari da fasinja 18 a bayansa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Idan ƙafarsa ta makara da rabin daƙiƙa, ya ƙara mita 11 kafin birki ya fara kamawa, kuma a cikin mita 11 ɗin nan ne ɗan acaɓa ko yarinya mai talla take tsaye. Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarar 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke haɗa giya da kafeyin a gwangwani ɗaya cewa haɗin ba shi da aminci, saboda yana ɓoye wa mai sha iyakar buguwarsa, kuma kamfanonin suka cire kafeyin ɗin.

Akwai masu tauna goro ko kanumfari ko alewa mai yaji don kada na'urar busawa ta jami'an kiyaye haɗurra ta kama su. Na'urar ba warin baki take shinshina ba. Iskar da ta fito daga can cikin huhu take aunawa, wadda ta ɗauko barasar daga jini kai tsaye. Goro yana iya ruɗin ɗan kamasho, ba ya ruɗin ta.

Ruwan sanyi shi ma firgita mutum kawai yake yi. Ya zabura, ya yi ajiyar zuciya, ya zagi wanda ya kwara masa, sai a ce ai ya dawo hayyacinsa. Bayan 'yan mintoci ya koma inda yake, sai dai yanzu a jiƙe. Giya tana buɗe ƙananan jijiyoyin jinin da ke fata, shi ya sa mai sha yake jin ɗumi, alhali zafin jikinsa ne ke tsiyayewa waje. Tana kuma rage karkarwar da jiki ke yi don ya ɗumama kansa. A jiƙa irin wannan mutum a daren hunturu a Jos ko Zariya a bar shi a fili, zafin jikinsa yana iya sauka har ya taɓa bugun zuciya. Wanda kuma aka tura banɗaki ya yi wanka shi kaɗai yana tangaɗi, santsi na jiran sa, mun ɗinke ƙeya da yawa ta wannan hanya.

Shan iska, da zagaya tasha da gudu don a yi gumi, da ɗirkar ruwa don a yi ta fitsari, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da ke fita ta numfashi da gumi da fitsari gaba ɗaya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ruwa yana da amfani ga wanda yake a farke, domin giya tana sa yawan fitsari ta busar da jiki, kuma zai rage masa ciwon kan safe. Amma ba ya wanke jini. Ko ƙarin ruwan da muke sawa a asibiti, wanda mutane suke ɗauka shi ne ke tashin mai maye, ba ya ƙara wa hanta gudu. Muna sa shi ne don bushewar jiki da faɗuwar sukari, sauran aikin jira ne da sa ido a kan numfashi.

Batun abinci yana da 'yar gaskiya a ciki, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Idan da tuwo ko shinkafa da nama a ciki kafin a sha, tumbi yana jinkirta sakin abin da ke cikinsa zuwa hanji, giyar ta shiga jini a hankali, buguwar ba ta kai ƙololuwar da za ta kai a kan yunwa ba. Daga nan ne aka samo zancen farfesu mai yaji, da lemon tsami, da kunun tsamiya, da madara, da manja. Sai dai abin da ya riga ya shiga jini ya wuce inda abinci zai tare shi. Ƙofar da aka rufe bayan akuya ta fita ba ta dawo da akuya. Amai ma haka: abin da ya rage a tumbi kawai yake fitarwa, kuma bayan awa guda ko biyu da sha, kaɗan ne ya rage a can. Sa wa mai maye yatsa a maƙogwaro kuwa neman fitina ne, domin giya tana kashe tarin da Allah ya sa mana don kare hanyar numfashi. Lafiyayye idan ruwa ya bi masa ta hanyar iska sai ya ƙware ya yi tari ya fito da shi. Wanda ya yi nisa ba ya tari, abin sai ya wuce shiru zuwa huhu. Abin da ya sami yaron motar nan ke nan.

Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: barasa tana ci gaba da hawa a jini bayan an ajiye kwalbar ƙarshe, wani lokaci har fiye da awa guda, musamman ga wanda ya ɗaɗɗaki masu zafi a jere. Mutumin da kuka kwantar yana surutu zai iya yin nisa bayan kun juya baya.

To me ke aiki? Ga wanda zai tuƙa mota, awoyi ne kawai. Ina roƙonku ku mayar da wannan ƙa'idar tasha, a faɗe ta a taro da Hausa yadda kowa zai ji: kowace babbar kwalba awa 3, kowace 'yar leda fiye da awa guda, kuma don a kauce wa gardama a fara ƙirgawa daga lokacin da aka ajiye ta ƙarshe. Wanda ya kai tsakar dare yana sha, ba shi ba lodin asuba. A ba na bayansa layi, shi kuma a ajiye masa nasa zuwa rana, kada ya zama ya yi asarar layin gaba ɗaya, domin idan faɗin gaskiya zai jawo masa rasa kuɗin cefane, ɓoyewa zai yi ya nemi goro. Kada kuma ku yarda da tsohon mashayin da zai miƙe tsaye ƙyam ya ce ku dube ni, ni ba ta kama ni. Sabo yana koya wa mutum tafiya daidai da magana daidai, amma jininsa yana ɗauke da abin da ya sha. Wanda kuma ciwon hanta ya riga ya taɓa, kuma kun san yadda ciwon ya yi yawa a cikinmu, lissafin nan na sama ma ya yi masa sassauci. Ko bayan ta fita duka, barcin da aka yi a kan giya ba ya hutar da jiki, mutum yana tashi da nauyin kai da kasala, kuma wannan ma yana rage masa kaifi a hanya.

Ga wanda ya faɗi kuwa, abin yi kaɗan ne, kuma kowane yaron mota zai iya koya a minti biyar. A kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, a lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama ta tokare ƙasa don kada ya mirgina, a sa hannunsa a ƙarƙashin kumatu, a ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya kalli ƙasa yadda amai zai zubo waje. A cire jiƙaƙƙen kaya a lulluɓe shi da bargo. Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, sai ya farka ya iya riƙe kofi da hannunsa. Mutum ɗaya mai hankali ya zauna kusa da shi yana duba shi. Idan an girgiza shi an kira sunansa an mintsine shi bai motsa ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa da sau 8 a minti, ko yana ɗaukewa na daƙiƙa 10 kafin ya dawo, ko leɓɓansa da farcensa sun canja launi, ko jikinsa ya yi sanyi yana gumi, ko ya yi jijjiga, ko yana amai bai farka ba, to zancen ya wuce na tasha. A kai shi asibiti a lokacin, a kwance a gefensa a cikin motar. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce, ga kuma 112.

Ku gaya wa masu kawo shi su faɗa mana gaskiyar abin da ya sha. Ba mu da lokacin yi wa kowa wa'azi a wannan sa'a, kuma amsar tana canja maganin. Idan ya haɗa da tiramol ko kodin ko ƙwayar barci, numfashinsa na iya tsayawa a kan adadin giyar da ita kaɗai ba za ta kashe shi ba, kuma tiramol na jawo jijjiga. Idan ya yini bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa, domin hanta ta shagala da giya ta bar aikin samar da sukari, wannan kuwa a ido kamar maye yake, da ɗigon jini ɗaya daga yatsa muke ganewa. Idan ya faɗi ya bugu a kai, jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kansa ana cewa barcin giya yake yi. Idan kuma giyar gida ce ko ta jarka, washegari ya tashi yana cewa yana gani hazo-hazo, da ciwon ciki da haki, a yi maza, alamar gubar metanol ce, wadda ke makantarwa ta kuma kashe. Ita ce ta hallaka mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a shekarar 2015, kuma alamunta sukan ɗauki rabin yini ko fiye kafin su bayyana, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin.

Yaron motar nan, ranar da aka sallame shi, ubangidansa ne ya zo ɗaukarsa, wani dattijo mai furfura da ya ce ya shekara 30 a hanya. Na kwanta a ƙasan ɗakin na nuna masa yadda ake juya mutum gefensa, ya sa yaron ya kwanta shi ma ya gwada sau biyu har hannunsa ya faɗa. Ya ce duk tsawon shekarun nan bai taɓa ganin an nuna wannan a tasha ba. Idan kun sa ranar taronku na wata, ku ware minti 15, ku gayyaci ma'aikacin jinya daga asibitin da ya fi kusa da ku, ku tanadi tabarma. Masu shayin tasha ma a kira su, domin su ne ke ganin wanda ya zo da asuba yana neman kofi cokali biyu.

Wassalam.

Naku,
ma'aikacin jinya, ɗan tsohon direba.